Sabuwar talabijin ta mayar min da fim ɗin Indiya bidiyon biki

Wata biyu ke nan da na kawo talabijin mai inci 55 gida. Kalarta ta yi, sautinta ba laifi, kuma ba ta jan wuta kamar tsohuwar. Amma daren farko da na sa wani tsohon fim ɗin Indiya da na kalla ya fi sau goma, sai na ji raina bai kwanta ba. Hoton ya fito tar, amma motsin mutanen ya yi sulɓi fiye da kima, kamar mai ɗaukar bidiyon biki ne ya bi su da kyamara. Uwargida ce ta fara magana: "Maigida, anya wannan fim ɗin ne? Sai ka ce a bayan gidanmu aka ɗauka." Ni kuma na ɗora laifin a kan filashin, har na sake kwafo fim ɗin. Ashe ba daga nan take ba.

Finafinan silima ana ɗaukar su ne hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, kuma haka abin yake tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sauti ya shigo fim. Labarai, ƙwallo da yawancin bidiyon bukukuwa kuwa motsinsu 50 ne ko 60 a daƙiƙa. Idonmu ya daɗe da sanin bambancin, ko da baki bai iya faɗa ba. To allon tawa talabijin yana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, kuma ta zo da wani saiti a kunne wanda ke cike giɓin. Sai ta dubi hoto biyu na gaskiya, ta kintaci inda hannu ko mota za su kasance a tsakaninsu, ta ƙirƙiro hoto huɗu ta cusa. Wato cikin kowane hoto biyar da nake gani, ɗaya ne kawai kyamara ta ɗauka.

Kintace kuwa ba ya rasa kuskure. Idan kana son ka gane ko taka na yin haka, jira wurin rawa ko faɗa. Za ka ga wani ɗan kyalli kamar hucin kwalta da rana a gefen hannun mai rawa, mayafi kuma ya riƙa yagewa yana haɗewa idan an wuce gaban taga mai ƙarafa. Abin ya dami 'yan fim ɗin kansu, har Tom Cruise ya yi ɗan bidiyo a watan Disamban 2018 yana roƙon mutane su kashe wannan saitin.

Abin da ya ba ni haushi shi ne neman inda aka ɓoye shi, don kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. A LG TruMotion ne, a Sony Motionflow, a Samsung kuma Auto Motion Plus, ko Picture Clarity a sababbin. Hanyar dai kusan ɗaya ce: ka shiga Settings, ka zaɓi Picture, ka nemi Advanced ko Expert Settings, sannan ka duba duk abin da ke ɗauke da kalmar Motion ko Clarity ka mayar da shi Off. Idan taka na da Filmmaker Mode, wanda ƙungiyar UHD Alliance ta fito da shi a 2019, zaɓe shi kawai, shi zai kashe. Sai dai yana rage haske, kalar kuma ta ɗan yi ja-ja-ja, don haka da rana sai na ƙara hasken allo da hannu.

Washegari na koma tashar tauraron ɗan'adam, sai ga sulɓin ya dawo. Ashe kowace ƙofa da saitinta: na HDMI 1 daban, na filashi daban, na manhajoji daban, fim mai HDR, wato mai ƙarin haske da kala, shi ma daban. Sau huɗu na yi aikin nan.

Bayan ka kashe, za ka ga hoto yana ɗan tsalle idan kyamara ta juya a hankali ta ratsa fili. Ba lalacewa ba ce, halin hoto 24 ke nan. A allo mai 60 ya fi fitowa, domin 24 ba ta shiga 60 daidai, sai wani hoton ya tsaya sau uku, na gaba sau biyu. A mai 120 kowanne sau biyar ne cif. Wanda tsallen ya dama, ya zaɓi Custom ya sa ma'aunin Judder a kan 1 ko 2. Daga 4 zuwa sama ni dai bidiyon bikin nake sake gani.

Ƙwallo kaɗai nake kunna masa shi, a ƙasa-ƙasa, don idan na ƙure shi ƙwallon kan ɓace a iska lokacin bugun kwana. Talabijin ɗin zan iya ce wa aboki ya saya, amma na rage mata maki ɗaya cikin biyar saboda rimot ɗin na da maɓallan manhajoji har huɗu da ban taɓa dannawa ba, babu ko ɗaya na wannan saitin.