Daƙiƙa 30 na waƙa da minti 2 na fim: wanne ke da mafaka?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shafi a nan Garwa. Na yanko amshin wata sabuwar waƙa, daƙiƙa 30 kacal, na ɗora haka nan. Na kuma haɗa wani bidiyo na sharhi a kan fim, da guntaye uku da suka kai minti 2. An ce mini abin da bai wuce daƙiƙa 30 ba halal ne. Ke nan na fim ɗin ne zai jawo mini matsala?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na waƙar ne ya fi ba ni tsoro, duk da shi ne gajere.

Maganar daƙiƙa 30 ba ta cikin doka, yawo kawai take yi a bakin mutane. Dokar haƙƙin mawallafa ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ba ta ƙidaya daƙiƙoƙi ba. Abin da ta yarda da shi shi ne ka tsakuro ɗan guntu daga aikin da aka riga aka fitar, in dai don sharhi ne, ko koyarwa, ko bincike, ko ba da labari, kuma ka faɗi sunan mai aikin da inda ka ɗauko. Yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mawallafa, wadda Kamaru da Chadi duk suna cikinta, haka ta ce a sashe na 10: kada abin da aka tsakuro ya wuce abin da manufar ke bukata. To ka ga tsawo yana bin manufa ne, ba shi ke jan ragama ba.

Mu ɗauki na waƙar. Ka ɗora amshi, ba ka ce komai a kansa ba. Babu sharhi, babu darasi, saboda haka babu abin da za a auna tsawon da shi. Kuma amshi shi ne zuciyar waƙa, shi mutane ke nema su sa a waya, shi ake maimaitawa a gidan biki. Wanda ya samu a shafinka ya samu abin da ya zo nema. Ga shi kuma waƙar da aka ɗauka a situdiyo ba mai ita ɗaya ba: akwai wanda ya tsara baitoci da kiɗa, akwai wanda ya rera, akwai wanda ya zuba kuɗi aka naɗa, kowannensu da haƙƙinsa. Rubuta "ba ni na mallaki wannan waƙa ba" a ƙasa ba izini ba ne. Ambaton suna sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗan, ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Na fim ɗin kuwa yana da inda zai tsaya, in ka haɗa shi yadda ya kamata. A ce fim ɗin minti 90 ne, bidiyonka minti 8. Kana son nuna cewa an yi kuskure a fitowar kotu: ka sa daƙiƙa 40, ka tsayar, ka yi bayanin abin da ba a yi daidai ba, sannan ka wuce zuwa guntu na biyu. Minti 6 muryarka ce da hujjarka, minti 2 shaida ce. Wanda ya kalla bai ga fim ɗin ba, ya dai ji ra'ayinka a kansa. Ga yadda nake gwada nawa: in na cire guntayen, shin saura akwai magana mai ma'ana? In akwai, tsakure ne. In abin da ya rage "kai, ku kalli wannan!" ne kawai, to fim ɗin mutane na raba, na fake da sharhi. Ka kuma duba kowane guntu, in daƙiƙa 20 sun isa su nuna abin da kake nufi, ka datse sauran. Kada ka sa ƙarshen labarin gaba ɗayansa, don shi ne abin da ake biyan kuɗi a gani. Sunan fim da na masu shi su fito a kan allo.

Wasu za su ce ai a zauren WhatsApp ne kawai. Dokar ta yi sassauci ga kallo kyauta a cikin iyali da kwafin da mutum ya yi don amfanin kansa, amma zaure mai mutum 300 ba iyali ba ne, balle shafin da kowa ke shiga.

Abu guda da zai iya ba ka haushi: manhajoji ba sa karanta niyya. Content ID, tsarin YouTube mai gano kayan wasu a cikin bidiyo, sauti da hoto yake daidaitawa, yana iya kama ɗan guntu ko da sharhinka na kan ƙa'ida, mai haƙƙin ya toshe bidiyon ko kuɗin talla ya koma wurinsa. A na fim kana da abin faɗa in ka ƙalubalanci kamun: ga sharhin, ga minti kaza zuwa kaza. A na waƙar ba ka da shi, kuma in mai ita ya nemi a sauke a hukumance, za a ba ka gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tashar.

Ni a wurinka, zan sauke amshin yau, in tura mutane shafin mawaƙin su ji a can, ko in aika masa saƙo in nemi izini a rubuce. In ya amsa, ka ajiye hoton saƙon.