Girid ko Monte Carlo: wanne ya fi a integiral mai dayimenshan da yawa?

"Don Allah jama'a, me ya sa ake cewa kuskuren Monte Carlo bai damu da yawan dayimenshan ba? Ni gani nake girid mai tsari ai dole ya fi watsa ɗigo barkatai."

Ɗan'uwa, in dayimenshan ɗaya ne ko biyu, gaskiyarka. Amma bari mu jera su kan misali guda ka gani.

Ɗauki f = x1² + ... + x10², kowane x tsakanin 0 da 1. Amsar gaskiya ta integiral ɗinsa 10/3 ce, wato 3.333. A ba kowace hanya ɗigo kusan miliyan ɗaya.

Girid da tsarin tirafizoyid: dole ka raba ɗigon nan ga kusurwoyi goma, wato dayimenshan goma, kuma 4^10 = 1,048,576, kenan ɗigo 4 kacal kowace kusurwa ta samu, tazara h = 1/3. Kuskuren x² a kusurwa ɗaya h²/6 ne, wajen 0.0185, sau goma ya zama 0.185. Gabaɗaya kuskuren girid na tafiya ne kamar N^(-2/d), inda N yawan ɗigo ne, d kuma yawan dayimenshan, to d na ƙaruwa yana rasa ƙarfi.

Monte Carlo kuwa zaɓo ɗigo za ka yi da ka, ka lissafa f a kowanne, ka ɗau matsakaici, ka ninka da girman fili, nan 1 ne. Kuskure σ/√N, inda σ² shi ne bariyans na f. Bariyans na x² shi ne 1/5 − 1/9 = 4/45, sau goma 0.889, σ kenan 0.943. Raba da 1000, ka samu wajen 0.0009. Ya fi girid kusan sau 200!

Dalilin shi ne abin da ya fi burge ni wallahi. Da zarar ka saka ɗigo cikin f, lamba ɗaya ce ke fitowa, ko ɗigon na da kusurwa 2 ko 500, kuma lambobin ba ruwan wata da wata, don haka bariyans na matsakaicinsu σ²/N ne kawai, babu inda d ya shigo lissafin. Girid kuma ya dogara ne da kusancin ɗigo da maƙwabcinsa, kusancin nan ne ke ɓacewa in d ya yi yawa. A d = 4 saurin raguwarsu ke zuwa ɗaya, ƙasa da haka girid ne gaba.

Sai dai fa a kula, 1/√N ɗin ne bai canzawa, σ kam yana iya canzawa da d. Kuma tafiyar hawainiya ce, in kana son rage kuskure sau 10 sai ka ninka ɗigo sau 100.

Ga inda yake kayar da mutane: auna girman ƙwallo mai radiyos 1 cikin akwatin [-1,1]^20. Kusan ɗigo ɗaya cikin miliyan 40 ne ke faɗawa ciki, to da ɗigo miliyan ɗaya mai yiwuwa ko guda ba zai shiga ba, amsa ta fito 0, kuskuren da ka ƙiyasta shi ma 0, ka ɗauka komai lafiya. Shi ya sa kullum ka duba ɗigo nawa ne suka ba da wani abu a jimlar, in 'yan tsiraru ne ke ɗauke da ita kar ka yarda da σ ɗin, sai ka karkata samfurinka zuwa inda f ke da nauyi.