Launin dutse ko zanen da yake bari a tangaran: wanne za ka bi?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara sayen kuza da 'yan duwatsu daga masu haƙa a wajen Toro. Wasu sun ce in duba launi kawai, wasu sun ce in riƙa gogawa a tangaran in ga zanen. Wanne ya fi tabbas?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka nemi tangaran. Nawa wani tsohon fiyus ne na lantarki, irin farin nan na dā, kuma ya fi shekara goma a aljihuna. Wani dattijo da ya yi aikin kuza a ƙasar Jos tun yana saurayi ne ya ba ni, ranar da na kai masa kilo 20 na baƙin yashi da na saya da sunan kuza. A ido babu abin da ya raba shi da ta gaske: baƙi ne, yana ƙyalli, yana da nauyi a hannu. Baba bai ce komai ba. Ya tsinci manyan ƙwayoyi goma, ya riƙa goga su ɗaya bayan ɗaya a bayan fiyus ɗin, inda ba a shafa masa santsi ba. Uku ne kacal suka bar zane mai haske, fari-fari da ɗan ruwan ƙasa. Biyar suka bar baƙi ƙirin, biyu kuma ja kamar jar ƙasa. Ya ce, "Yaro, waɗannan ukun su ne kuzarka, sauran ƙarfe ka saya." Allah ya jiƙansa, da abin nan ya tsare mini jarina har yau.

Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne, abin da kake gani a tangaran garin dutsen ne, kuma launin gari ba ya sauyawa kamar launin jiki. Kuza baƙa ce ko ruwan ƙasa a ido saboda ɗan ƙarfen da ya shiga cikinta, amma idan ta zama gari sai ta yi haske. Tama irin wadda ake kira hematait tana iya zuwa baƙa, ko ja, ko mai ƙyallin azurfa, amma zanenta kullum ja ne mai duhu. Maganatait zanenta baƙi ne, kuma mayen ƙarfe yana ɗauke ta nan take. Ilmenait, wadda ta cika yashin rafukan da ake wanke kuza, ita ma baƙin zane take bari, sai dai mayen ƙarfe ba ya janta da ƙarfi. Haka yake da zinare: na gaske zanensa rawaya ne, shi kuwa farait da ake kira zinaren wawa baƙi-baƙi yake bari da ɗan kore, duk da rawayar jikinsa.

Launi kuwa, amfaninsa dai ya sa ka sunkuya ka ɗauki dutse. Kwaz, dutsen nan mai kama da gilashi, shi kaɗai yana zuwa fari, shuɗi-ja, rawaya da ruwan hayaƙi, kuma ƙasa da tsatsa suna rufe fuskar kowane dutse.

Wajen gogawa, ka fasa dutsen ka yi amfani da sabuwar fuska, domin idan ka goga bayansa mai tsatsa, zanen tsatsar za ka gani, sai ka ɗauka tama ce. Ka danna sosai ka ja layi kamar tsawon gaɓar yatsa, sannan ka shafa da yatsa ka duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Idan yashi ne ƙanana da ba sa riƙuwa, ka sa ƙwaya biyu ko uku tsakanin gutsuren tangaran biyu ka murje su. Idan ba ka da fiyus, bayan farin tayil mai ƙarfi ya isa, amma ka guji mai jan baya, domin shi kansa zai ba ka jan gari. Ka riƙa wanke shi bayan kowane gwaji.

To, ga inda tangaran yake tsayawa, kuma wannan ne na fi so ka riƙe. Taurinsa a ma'aunin Mohs bai wuce 7 ba. Duk dutsen da ya kai haka ko ya fi, shi ne zai kankare tangaran ɗin, farin garin da za ka gani kuwa na tangaran ne, ba na dutsen ba. Duwatsun ado da yawa suna nan: tomalin 7 zuwa 7.5, akwamarin 7.5 zuwa 8, tofaz 8, safaya 9. Wannan yana iya cutar da kai ko a kan kuza. Baƙin tomalin yana fitowa a wuraren da ake samun kuza, kuma idan ka goga shi fari za ka gani, kamar dai nata. Ita kanta kuzar taurinta 6 zuwa 7 ne, dab da na tangaran, shi ya sa zanenta ba ya fita sai an danna.

A nan nauyi ne ke raba gardama. Kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau 7, tomalin kuwa sau 3 da ɗan kai. Ƙaramin sikeli na giram ya ishe ka. A ce dutsenka ya auna giram 35. Ka ɗora kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifili, ka ɗaure dutsen da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Idan sikelin ya nuna giram 5, ka raba 35 da 5, ka sami 7: alamar kuza ke nan. Idan ya nuna wajen 11, amsar ta zama 3 da 'yan kai, to tomalin ne ko wani dutse mara nauyi, komai kyan zanensa.

Haka kuma zane ba zai raba maka kwalambait, wani baƙin ma'adini mai daraja da ake samu tare da kuza, da ilmenait sosai ba. Na kwalambait yakan yi ruwan ƙasa mai duhu zuwa baƙi, a ido kusan ɗaya suke. Kuma ba zai faɗa maka kashi nawa cikin ɗari ke cikin buhu ba. Idan kuɗin ya yi yawa, ka ɗebi samfuri ka kai wa masu na'urar gwaji, ka biya, ya fi asara sauƙi. Dutsen ado da aka riga aka yanka kuma kada ka kuskura ka goga shi, domin za ka iya ɓata fuskarsa ko gefensa, amsar ma ba za ka samu ba.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Akwai masu zuba kuza mai kyau a saman buhu, ƙasa kuma baƙin yashi zalla, wasu har su yayyafa ruwa don ya ƙara nauyi da ƙyalli. Ka zura hannu ka ɗebo daga tsakiya da ƙasa da kanka, kada ka gwada ƙwayar da mai kaya ya zaɓa ya miƙo maka. Masu kawo "akwamarin" ko "koren tomalin" da yamma kuwa, wani lokaci fasasshiyar kwalba ce. Zanenta fari ne, don haka tangaran ba zai tona ta ba. Ka ɗaga ta a haske ka nemi ƙananan kumfar iska a ciki, kuma gutsuren kwaz yana zana jikinta cikin sauƙi.

Ka sayi mayen ƙarfe da sikelin giram, ka haɗa da tangaran a jaka ɗaya. Duwatsun ado kuma ka dakata da sayensu tukuna, sai ka sami wanda zai zauna da kai ya nuna maka.