Gargaɗi Kan Masu Sayar Da Siginar "Goldin Zon" Ta Fibonacci

Jama'a, a kula da masu tallar zauren sigina na kuɗi, wato saƙonnin da ke ce maka ka saya ko ka sayar a kasuwar hada-hadar kuɗi, da ke cewa sun gano layin da farashi ba ya tsallakewa. Salonsu ɗaya ne duk inda suka ɓullo. Za su saki hoton jadawalin farashi da layukan Fibonacci a kai, farashi ya sauko ya taɓa layin 0.618 ya juya sama kamar an ba shi umarni. A ƙasan hoton sai a rubuta cewa ka biya kuɗin wata a saka ka a zauren manya, ko ka sayi wata manhaja da ke zana maka "goldin zon" da kanta, wato yankin da ke kewayen layin 0.618 inda suke cewa farashi zai juya, ko kuma ka buɗe asusu ta mahaɗin dillalin da suka ba ka. Hoton ba lallai ne na jabu ba, kuma abin da ya sa yake cin mutane ke nan. Zambar tana cikin yadda aka zaɓi wuraren da aka ja layin.

Ma'aunin kansa lissafi ne mai sauƙi. Jerin lambobin da Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya kawo a littafinsa na 1202 yana tafiya ne 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta. Raba 34 da 55 ka samu 0.618, raba 21 da 55 ka samu 0.382, raba 13 da 55 ka samu 0.236. Shi 0.786 tushen murabba'in 0.618 ne. Shi kuwa 0.5 ba ya cikin wannan dangi sam, 'yan kasuwa ne suka cusa shi saboda tsohuwar lura cewa farashi kan dawo da kusan rabin tafiyarsa. Abin da ma'aunin Fib Retracement ke yi a manhajojin ciniki irin su TradingView ko MetaTrader shi ne ya ɗauki tazarar da ke tsakanin wurare biyu da KAI ka nuna masa, kwari da tudu, ya yanka ta da waɗannan kasonni. Bai san labarin kasuwa ba, bai san inda manyan masu saye suka ajiye odarsu ba. Ka sauya wuri ɗaya, duk layukan sun tashi.

Ga misali da lambobin da aka tsara don bayani, a kan gwal, wato XAUUSD, a jadawalin awa huɗu. Farashi ya tashi daga kwarin 1,940 zuwa tudun 2,060, tazara 120. Rabin dawowa ya faɗa a 2,000, shi kuma 0.618 a wajen 1,986, domin 120 sau 0.618 ya ba da 74 da ɗoriya, a cire daga 2,060. To a cikin wannan hawan akwai wani ɗan kwari a 1,970 inda farashi ya ɗan huta. Wanda ya ja daga nan tazararsa 90 ce, yankinsa na 0.5 zuwa 0.618 ya zama 2,015 zuwa 2,004. Can baya kuma akwai tsohon kwari a 1,900. Wanda ya ja daga can tazararsa 160 ce, yankinsa ya zama 1,980 zuwa 1,961.

Yanzu a jera su: 2,015 zuwa 2,004, sai 2,000 zuwa 1,986, sai 1,980 zuwa 1,961. Daga 2,015 har 1,961 tazara 54 ce, kuma yankunan nan uku sun rufe kusan 44 a ciki, wato kashi huɗu cikin biyar. Ma'ana, kusan duk inda farashi ya ga damar juyawa a wannan tsakanin, akwai wani kwari da za a ja daga gare shi a ce "ga shi, goldin zon ya riƙe." Ɗan damfara yana jira ne farashi ya juya tukun, sannan ya nemo kwarin da ya dace da juyawar, ya ɗauki hoto. Idan ma bai dace sosai ba, yana da sauran dabara: ya ja daga jikin kyandir, wato sandar da ke nuna motsin farashi a jadawali, maimakon ƙarshen lagwaninsa. A misalin nan, jan daga 1,946 zuwa 2,054 ya matsar da 0.618 zuwa wajen 1,987. Harbi ne aka fara yi, sannan aka je aka zana da'ira a inda kibiya ta faɗa.

Shi ya sa mai aiki da ma'aunin nan da gaske yake ɗaure kansa da ƙa'ida kafin ya ja komai. Zai tsayar da jadawalin lokaci ɗaya, ya ɗauki kwari da tudu duka daga cikinsa, ba kwarin jadawalin kwana da tudun jadawalin minti goma sha biyar ba. Zai zaɓi ko lagwani zuwa lagwani, ko jiki zuwa jiki, ya zauna a kan haka kullum. Kwarin da zai ɗauka shi ne wanda hawan da ya karya tudun baya ya taso daga gare shi, ba kowane ɗan lotsawa a tsakiyar hanya ba. A misalinmu, idan tsohon tudu yana 2,020 kuma hawan da ya fasa shi ya faro daga 1,940, to 1,940 ne kwarin, ko da jan daga 1,970 ya fi ba da hoto mai kyau. A hawa ana ja daga kwari zuwa tudu, a sauka daga tudu zuwa kwari. A kasuwar da ke kai-komo a wuri ɗaya kuwa babu tafiyar da za a auna dawowarta, layukan ado ne kawai.

Akwai wani abu da masu manhajar "zana da kanta" ba sa so a gane. Tudu ba ya tabbata tudu sai kyandirorin da ke bayansa sun rufe a ƙasa da shi. Ma'aunin Fractals na Bill Williams, alal misali, yana bukatar kyandir biyu a hagu da biyu a dama, don haka a jadawalin awa huɗu sai bayan awa takwas za ka san cewa wancan tudu ne. Ma'aunin ZigZag kuma ƙafarsa ta ƙarshe tana matsawa duk lokacin da farashi ya yi sabon tudu. Manhajar da aka gina a kan irin wannan tana goge tsohon zane ta sake sabo. Idan ka duba tarihin jadawali sai ka ga duk yankunanta sun yi daidai, alhali waɗanda suka faɗi an shafe su ne. Gwajin ba shi da wuya: ɗauki hoton allonka yau, ka sake ɗauka bayan kwana biyu, ka kwatanta. In yankin da ka gani shekaranjiya ya ɓace ko ya matsa, ka san abin da ake son sayar maka. Bar Replay na TradingView ma yana nuna wannan, kyandir bayan kyandir.

Shi kansa sunan goldin zon ba a haɗu a kan iyakarsa ba. Wasu na nufin 0.5 zuwa 0.618, wasu 0.618 zuwa 0.65, wasu kuma har 0.786. A tafiyar nan ta 120, wannan ya kama daga 2,000 har zuwa wajen 1,966. Abin da faɗinsa ya kai 34 ai ba layi ba ne. Dalilin da ya sa farashi kan yi ɗan tirjiya a nan shi ne mutane da yawa suna kallon wurin, kuma kowa ya ja nasa da ɗan bambanci, sai odojin su warwatsu a cikin fili. Farashi na iya juyawa a 2,003 bai shigo ba, yana iya soka lagwani zuwa 1,978 ya dawo, yana iya ratsawa ya wuce 1,940 ko waiwaye babu, musamman lokacin sanarwar kuɗin ruwa ko rahoton hauhawar farashi. Yankin wurin zuba ido ne: a duba ko ya haɗu da tsohon tudun da aka karya, a jira kyandir ya rufe da alamar masu saye sun shigo.

A nan ne asarar gaske take shigowa. Idan ka saya a 1,986, hujjarka ba ta rushe ba sai farashi ya faɗi ƙasa da kwarin 1,940, don haka Stop Loss na gaskiya, wato wurin da za a rufe cinikin don tsayar da asara, yana wajen 1,936. Kasadarka 50, ribar da kake hange zuwa 2,060 ita ce 74. Da irin wannan sai ka ci kashi 40 cikin ɗari na cinikayyarka kafin ka fita ba riba ba asara, ban da kuɗin dillali. In a 2,000 ka shiga, kasada 64, riba 60, sai ka ci fiye da rabi. Mai sigina ba zai tallata wannan ba. Zai ce ka sa Stop Loss a 1,983, taku uku kacal a ƙasa, don ya rubuta "ɗaya ta jawo ashirin da biyar." Duba ATR na jadawalin, wato ma'aunin matsakaicin motsin kyandir: idan kyandir ɗaya yana motsin 10 a al'ada, tazarar 3 numfashin kasuwa kawai zai cinye ta. Farashi zai fitar da kai ya juya sama, shi kuma ya saki hoto cewa yankinsa ya riƙe.

Wani kuma zai ce kar a sa Stop Loss ɗin ma, in ya faɗi a ƙara saye a 0.786. Yi lissafi. Lot shi ne ma'aunin girman ciniki, kuma a wurin yawancin dillalai lot 0.01 na gwal oza ɗaya ne. Mai dala 1,000 da ke kasadar kashi 1 cikin ɗari, dala 10 ke nan, tazarar 50 kuwa ko a mafi ƙarancin lot dala 50 ce, kashi 5 na jarinsa. Cinikin ma bai dace da asusunsa ba tun farko. Idan sigina ta ce lot 0.05, oza biyar, saukowa zuwa 1,936 dala 250 ce, rubu'in jari a ciniki ɗaya, kafin a yi maganar ƙarin da aka yi a 1,966. Me ya sa suke tura mutane ga babban lot? Saboda wanda ya kawo ka ta mahaɗinsa sau da yawa ana biyansa la'ada ne a kan yawan lot ɗin da ka buɗe, ko ka ci ko ka faɗi.

Kafin sisinka ya fita, nemi mai sigina ya rubuta ƙa'idar zaɓen kwari da tudunsa a jimla biyu, yadda kai ma za ka ja ka samu layin da ya samu. Nemi ya turo zanen tun farashi bai iso yankin ba, da wurin shiga da Stop Loss a rubuce, ka ajiye hoton da kanka domin saƙo ana gyara shi ana goge shi. Nemi kalmar sirri ta Investor ta asusunsa na MetaTrader, wadda ke ba da damar kallo kawai, ka tabbatar asusun na kuɗin gaske ne ba Demo ba, ka ƙirga asarar da ribar na aƙalla wata shida. Mai gaskiya ba abin da zai rasa in ya ba ka. Idan amsar ita ce "sirrin sana'a ne," ko aka ce guraben sun kusa cika, ko aka juya zancen zuwa ka turo taka babbar kalmar sirrin a juya maka kuɗin, rufe hirar a nan. Wanda kuma ya riga ya bayar da ita, ya sauya ta yau, ya rufe cinikin da ke buɗe, ya adana hotunan hirar da rasit ɗin biya don kai ƙorafi ga hukumar da ke sa ido kan dillalin.