Murfi uku na buga kafin na gane inda mojul ɗin akwatin nan yake cin amana

Gyaran kayan sola nake yi a Kano, kuma na daɗe ina jin takaicin miƙa wa kwastoma ƙaramin allon lantarki a naɗe cikin leda da salatif. Shi ya sa da na ci karo da wani mojul na OpenSCAD, manhajar zana kayan da ake bugawa da injin 3D, da ke fitar da akwati da murfinsa daidai girman da mutum ya rubuta, ban yi wata-wata ba na sauke shi. Fayil ɗaya ne, kyauta, ga lambobin saitin an jera su a sama: `length`, `width`, `height`, `wall`, `corner`, `gap`. Na buɗe shi a OpenSCAD 2021.01, suka fito a Customizer, na ja wannan na ja wancan, na danna F5, akwati yana tsawo yana gajarta a gabana. A daren nan har abokan aiki biyu na tura wa, ina ce musu wahalarmu ta ƙare.

Abin da nake bukata ba wani babba ba ne. Allon milimita 70 ne a tsawo, 50 a faɗi. Na sa akwatin 80 da 60, tsayi 30, kaurin bango 2, wato cikinsa zai zama 76 da 56. `gap`, wato ratar da ake bari tsakanin leɓen murfi da bangon akwati, na bar shi 0.2 yadda na same shi. Abu ɗaya kawai na taɓa don ado: `corner` yana 2, na mayar da shi 4, saboda ina son kusurwoyin su yi lanƙwasa sosai kada su yagi aljihu ko hannu. Na danna F6, na fitar da fayil ɗin STL, washegari na kai shagon da nake buga kaya da injin 3D.

Akwatin ya ci wajen awa uku a kan inji, murfin ya ci kusan ɗaya. Da aka ɓamɓaro su daga faranti, ko wanne shi kaɗai gwanin kyau. Na ɗora murfi, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Na danna da tafin hannu, ya zauna a karkace, gefe ɗaya ya ɗan leƙa ciki, ɗayan yana sama. Mai shagon ya karɓa ya duba, ya ce, "Malam, injin nan yana ɗan ƙara wa abu kauri, ka ƙara rata." Maganarsa ba laifi, haka injunan suke, ni ma abin da na fara zargi ke nan. Na mayar da `gap` 0.35, aka sake buga murfi. Ya ƙi shiga, irin ƙin farko sak. Raina ya ɓaci, ga kuɗin roba, ga wuta da aka ɗauke sai da aka jira, ga kwastoma yana kira. Na ce a sa 0.6 a huta.

Na uku ya shiga. Amma wane irin shiga? Idan ka leƙa ta ƙasan murfin kafin ya gama zama, za ka ga fili tsakanin leɓe da bango a duk gefuna huɗu, tsinin kusurwoyi kaɗai ke riƙe da shi. Na buɗe na rufe bai fi sau goma ba, tsinin ya goge, daga nan ko kife akwatin ka yi murfi ya faɗo ƙasa. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don an rubuta a saman fayil ɗin cewa murfin yana zama cif, ni kuma ga murafe uku a hannuna, biyu ba sa shiga, ɗaya ba ya zama.

Da dare na ɗauko ma'aunin kalifa na auna murfin farko. Leɓensa ya ba ni kusan 75.6 da 55.6, cikin akwatin kuma kusan 76 da 56. Ke nan inji bai yi ƙarya ba, kuma a lissafi ya kamata ya shige. Sai na shafa maka baƙa a jikin leɓen gaba ɗaya, na danna shi a bakin akwatin, na cire. Dogayen gefuna ko ƙwarzane babu, baƙin yana nan yadda na shafa. A kusurwoyi huɗun ne kawai ya goge. Nan na koma cikin kod ɗin, na samu inda ake gina leɓen:

```
translate([wall + gap, wall + gap, lid_t])
  cube([length - 2*(wall + gap),
        width - 2*(wall + gap), lip_h]);
```

`cube` ne tsurarsa, mai kusurwa mai kaifi, daga baya aka rarake tsakiyarsa. Shi kuwa ramin akwatin, lanƙwasar kusurwarsa ta ciki ana samo ta ne daga `corner - wall`. A saitin da mai mojul ɗin ya bari, 2 a cire 2 sifili ne, ramin yana da kusurwa mai kaifi, leɓe mai kaifi ya shige lafiya lau. Ni da na sa 4, ramin ya samu lanƙwasa ta milimita 2, leɓen kuma bai san an yi ba.

Na zauna da biro na lissafa, don ina son in tabbatar ba zato nake ba. Daga cibiyar lanƙwasar zuwa bango milimita 2 ne ta kowace fuska. Tsinin leɓen, idan rata 0.2 ce, yana nesa da wannan cibiya da 1.8 ta tsawo, 1.8 ta faɗi, wanda a karkace ya kama 1.8 sau 1.414, kusan 2.55. Wato tsinin ya shige cikin naman bango da fiye da rabin milimita. A 0.35 lissafin ya ba da 2.33, har yanzu yana cikin bango. Sai rata ta kai wajen 0.59 tsinin ke kuɓuta, shi ya sa 0.6 ɗina ta shiga da ƙyar, gefuna kuma suka zama holoƙo. Babu wata lamba da zan sa a `gap` ta ba ni murfi mai kyau matuƙar `corner` ya fi `wall` da milimita 2. Kuma mojul ɗin ya bar ni na ja lambar har 4 ba tare da ko gargaɗi ɗaya ba, alhali OpenSCAD yana da `assert()` da aka tanada don irin wannan.

Abin da ya ƙara min ciwo shi ne, da na sani, minti ɗaya ya isa in ga matsalar kafin a narkar da ko giram ɗaya na roba. Mojul ɗin yana nuna akwati da murfi ne gefe da gefe, yadda za a buga su, ba ya taɓa nuna su a rufe. Da ka kife murfin a kan akwatin ka tambayi inda suka haɗu, shi ke nan:

```
intersection() {
  box();
  translate([0, 0, height + lid_t + 0.05])
    mirror([0, 0, 1]) lid();
}
```

Wannan 0.05 ɗin don a ɗan ɗaga murfin ne kada fuskarsa da bakin akwati su manne su rikita sakamako. Da na danna F6, sai ga 'yan siraran tsinkaye huɗu a tsaye, ɗaya a kowace kusurwa. Su ne suka cinye min kwana biyu. Idan babu karo, abin da zai rubuto a ƙasa shi ne `Current top level object is empty`.

To a nan ne fushina ya fara sauka, gaskiya. Da akwatin kanti ne, ko fayil ɗin STL da wani ya gama ya kulle, sai dai in kama samfefa in yi ta gurzar kusurwa. Wannan kuwa rubutu ne a buɗe, kuma wanda ya rubuta shi ya ware siffar ramin a mojul nata daban, `cavity2d()`. Sai kawai na sa leɓen ya fito daga wannan siffar, a matse ta ciki da gwargwadon rata:

```
translate([0, 0, lid_t]) linear_extrude(height = lip_h)
  difference() {
    offset(delta = -gap) cavity2d();
    offset(delta = -gap - 1.2) cavity2d();
  }
```

Yanzu duk yadda kusurwar rami ta lanƙwasa, leɓe zai bi ta, ratar kuma ɗaya ce a ko'ina. Kaurin leɓen na sa 1.2 saboda bakin injin 0.4 ne, layi uku ke nan cif. Na kuma sa `$fn = 48`, don idan aka bar shi yadda yake, ƙaramar lanƙwasa irin wannan ba ta fitowa sumul, gaɓa-gaɓa take fitowa.

Wannan karon ban yarda an buga cikakken akwati ba. Na yanko milimita 6 na saman bakinsa kawai, kamar zobe, da leɓe uku masu rata 0.15, 0.2 da 0.25, duka a faranti ɗaya. Na 0.15 sai da na sa farce da ƙarfi kafin ya fita. Na 0.25 yana zamewa. Na 0.2, lambar da mai mojul ɗin ya bari tun farko, ita ce ta zauna da 'yar ƙara ƙas, na kife na girgiza bai motsa ba. Mai shagon ya juya shi a hannu ya ce, "Ashe ba injina ba ne." Na ce masa wallahi ba injinsa ba ne. Akwatin farko ma bai tafi a banza ba, sabon murfin ya hau shi daidai.

Har na fara cewa zan ba mojul ɗin yabo cikakke, sai na zo saka allon, wani haushin ya taso. `height` ɗin nan tsayin waje ne, ba a faɗa a ko'ina ba. A cikin 30 ɗin da na sa, ƙasan akwati ya cinye 2, leɓen murfi kuma ya sauko da 4 a gefe-gefe, wato kusa da bango 24 kawai ya rage min. Akwai wata kafasita doguwa a bakin allon, leɓen ya sauka a kanta daidai. Sai da na matsar da allon gefe ɗaya, na liƙe shi da gam a wurin da ban so ba, kafin murfi ya rufu. Layi ɗaya na `echo()` da zai faɗi girman ciki da ya wadatar, babu shi. Ni na ƙara da kaina.

Wanda ya iya karanta kod ko kaɗan, ya ɗauka, zai more shi, ni yanzu akwati na shida nake kai kuma duk murafensu sun zauna. Wanda kuma Customizer kaɗai zai taɓa, kada ya bari `corner` ya wuce `wall`, kuma ya ƙara kaurin ƙasa da tsayin leɓe a kan tsayin kayansa kafin ya rubuta `height`. Abokan aikin nan biyu da na tura wa a daren farko, na bi su da gyararren fayil ɗin, amma ɗaya ya riga ya buga nasa da `corner` 5.