Nawa ginin zai ci? Hanyoyi uku na ƙiyasin kuɗi da inda kowacce ke aiki

Idan ka tambayi mutum uku nawa gida mai ɗaki uku da falo zai ci, za ka ji amsa uku. Magini zai ɗaga kai sama ya ce ya taɓa yin irinsa a kan miliyan kaza. Injiniya zai tambaye ka murabba'in mita nawa ne. Mai ƙididdigar gini, wato kwantiti sabeya, zai ce sai ka kawo masa zane. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa da hanyar da ya bi, kuma kowace hanya da matakin da take da amfani. Bari mu bi gida ɗaya mai murabba'in mita 150 ta hanyoyin uku. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne kawai, sai ka sa farashin kasuwarku a gurbinsu.

Ta farko ita ce kwatance. Ka nemo ginin da aka riga aka gama mai kama da naka, ka ji abin da ya ci, sannan ka gyara. A ce maƙwabcinka ya gina mai murabba'in mita 120 a kan miliyan 30 shekara biyu da suka wuce. Naka ya fi nasa da kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka miliyan 37.5. Idan kayan gini sun tashi da kashi 40 cikin ɗari tun lokacin, ka kai miliyan 52.5. Lissafin minti biyar ne, ba ka biya kowa sisi ba, ko zane ba ka da shi.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Shi maƙwabcin filinsa jigawa ne, naka fadama, kuma kuɗin da fandisho ke haɗiyewa a ƙasa mai ruwa ba a ganinsa daga bakin titi. Ga kuma mantuwa: mai gida yakan tuna kuɗin kwano da tayil, ya manta tifar yashi goma da ya saya a tsinke. Shekarar ginin ma abin tambaya ce. Gidan da aka gama kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ya zama ma'auni sai an yi masa babban gyara, balle siminti da ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024. Kwatance na amsa tambaya ɗaya ce tak: in shiga ko in haƙura? Idan miliyan 25 ce a hannunka, ya riga ya gaya maka ka rage buri kafin ka biya kuɗin zane. Amma kada ka sa hannu a kwangila da wannan adadi.

Ta biyu ita ce awo, wato a samo farashin ma'auni ɗaya a ninka. A gini, ma'aunin yawanci murabba'in mita ne. Injiniyan da ya gama gidaje da yawa a bana zai duba takardunsa ya ga sun tsaya tsakanin dubu 340 da dubu 380 kowace mita. Ya ɗauki dubu 360 ya ninka da 150, miliyan 54 ke nan. Abin da ya fifita shi a kan kwatance shi ne gidaje da dama ya dogara da su, ba labarin mutum ɗaya ba.

Inda awo ya fi kyau shi ne aikin da ke maimaita kansa. Katanga misali: fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, kusan mita 91. Cire mita 4 na get, saura 87. In tsayin mita 2 ne, murabba'in mita 174 ke nan, kuma kowace murabba'in mita na cin bulo kusan 10 mai inci tara. Bulo 1,740, ban da na cikin ƙasa. Nan awo ba ya kuskure sosai, domin mita ta goma daidai take da ta tamanin.

Gida kuwa ba haka yake ba, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Gida mai mita 10 da 15 da mai mita 6 da 25 duk murabba'in mita 150 ne. Amma kewayen na farko mita 50 ne, na biyu 62. Bangon waje ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, da fandishonsa da filastarsa da fentinsa, alhali awo ya ba su farashi ɗaya. Haka gida mai banɗaki huɗu da mai biyu. Don haka duk wanda ya ba ka farashin mita, tambaye shi daga waɗanne gidaje ya samo shi, yaushe aka gama su, kuma da katanga da sokawe da rijiyar burtsatse a ciki ko babu. Galibi babu. Farashin gida marar bene kuma ba a ɗora shi a kan bene.

Ta uku ita ce filla-filla. Ana farfasa aikin tun daga haƙan fandisho har kwan fitila, a auna kowane daga zane, a sa masa kuɗin kaya da na aiki, a tara. A gidanmu, bangon waje mita 50, na ciki a ce 45, tsayi mita 3: murabba'in mita 285. Cire 35 na ƙofofi da tagogi, saura 250, wato bulo 2,500. Ƙara biyar cikin ɗari na fashewa, 2,625. In buhun siminti ɗaya na ɗora bulo wajen 50, buhu hamsin da 'yan kai ke nan na ɗori kawai. Kankaren linta da ginshiƙai, a haɗin 1:2:4 na siminti da yashi da tsakuwa, yana cin buhu shida da ɗoriya a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, kusan sanda 94 ne a tan ɗaya. Haka za a bi katako, kwano, silin, wayarin, famfo.

Wannan aikin kwanaki ne, ana biyan mai yinsa, kuma ba ya yiwuwa sai da cikakken zane, har da na rodi. Amma shi kaɗai za ka iya riƙe ɗan kwangila da shi. Ranar da ya ce siminti ya ƙare, kana da takardar da ta ce buhu nawa ya kamata bango ya ci. In 'yan kwangila uku suka sa farashi a kan jerin aiki iri ɗaya, nan take za ka ga wanda ya cusa riba a kan rufi.

Aibinsa shi ne yana da kwarjini. Adadi irin 48,763,200 kan sa mutum ya saki jiki, alhali lissafin ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Ni a wurina nan ne amfanin hanyoyin farko ke dawowa. Kwatance ya ce 52.5, awo ya ce 54, filla-filla ya fito ƙasa da 49. Kafin ka yi murna, nemi inda miliyan biyar ta shiga. Bi jerin layi-layi: akwai kuɗin ɗauko kaya? Ruwan gini fa, in tanka za a riƙa saya? Katakon zuba kankare da na hawa, mai gadi, cikon ƙasa, ribar ɗan kwangila? Sau da yawa giɓin na cikin waɗannan. In kuwa duk suna nan, to wataƙila gidanka ya fi na maƙwabci sauƙin fasali, kuma za ka iya nuna dalili da yatsa.

Ko lissafin ya cika, ware kamar kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, a layinsa daban, don kada ya narke cikin sauran. Sannan ka sa a rubuta ranar da aka ɗauki farashi a saman takardar. In gini ya tsaya wata shida, adadin bulo da rodi na nan yadda yake, kuɗinsu kawai za a sabunta, aikin yini guda.