Daga Abijan: yadda ake karanta hoton shaidar biya da Faransanci

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Kun tambayi yadda za ku gane gaskiyar hotunan shaidar biya da masu sayen kaya daga Kodebuwa ke turo muku ta WhatsApp, tunda da Faransanci suke zuwa.

A gida an saba kuɗi su shiga asusun banki ko na OPay da Moniepoint, a jira alat. A nan lambar wayar mutum ita ce asusunsa, kuma huɗu ne aka fi ciniki da su: Orange Money, wanda ya fara aiki a ƙasar a 2008, sai MTN MoMo, Moov Money da Wave. Ukun farko suna da lambar da ake dannawa ko da ƙaramar waya, suna kuma aiko da saƙon tes. Wave kuwa galibi a manhaja ake ganin komai, ko a yi amfani da kati mai lambar QR a wurin wakilin kamfanin. Ajiya da cira a shagon wakilin kamfani sun yi kama da na masu POS na gida. A ganina tsarin nan ya fi sauƙi ga wanda ba shi da asusun banki, amma saƙon tes ɗinsa rubutu ne zalla, kowa zai iya kwaikwayonsa.

Kafin ku kalli adadi, ku fara gano wa saƙon yake yi wa magana. Idan ya ce Vous avez envoyé, ma'anarsa "ka aika", wato hoton daga wayar mai saye yake. Idan ya ce Vous avez reçu, "ka karɓa" ke nan, kuma wannan a wayar wakilinku na Abijan, mai karɓa muku kuɗi, kawai ya kamata ya fito. Mai saye da ya turo hoton Vous avez reçu a matsayin shaidar ya biya, ko dai saƙon wani cinikin ya ɗauko, ko ƙirƙirarsa ya yi. Sauran kalmomin ba su da yawa. Montant shi ne adadi, frais kuɗin caji, solde abin da ya rage a asusu. Réussi ko effectué na nufin an kammala, en cours da en attente na nufin ana kan hanya, échoué kuma bai tafi ba. Dépôt ajiya ce, retrait cirewa.

Rubutun adadi ma yana ruɗa mutanen gida. Mai rubutu da Faransanci yana raba dubbai da sarari ko ɗigo, waƙafi kuma na gutsuren kuɗi ne. Saboda haka 150 000 da 150.000 duk sefa dubu ɗari da hamsin ne, jika ɗari da hamsin a bakin 'yan'uwanmu na Nijar, amma 150,00 sefa ɗari da hamsin ne kacal. Wasu saƙonnin suna jera adadin a haɗe su ƙara sifiri biyu bayan ɗigo, sai mai gaggawa ya kalli 15000.00 ya ɗauka dubu ɗari da hamsin ne. Ku rufe sifiri biyun ƙarshe da yatsa sannan ku ƙirga.

Ga misali. A ce an yi cinikin dubu 150 a watan Yuni na 2024, wakilinku yana da dubu 38 a asusunsa tun kafin cinikin, sai wannan saƙo ya faɗo wayarsa, ya ɗauki hotonsa ya turo muku:

```
Vous avez recu 150 000 FCFA du 07XXXXXXXX.
Nouveau solde : 150 000 FCFA.
ID Transaction : PP240312.1405.B00000
```

Layi na biyu shi ne ya fara tona asiri. Sabon ragowar kuɗi ya kamata ya zama dubu 188, domin akwai dubu 38 a ciki. Ɗan damfara bai san abin da ke asusun wakilinku ba, don haka sai dai ya maimaita adadin, ko ya yi shaci-faɗi, ko ya cire layin gaba ɗaya. Wannan ita ce alamar da na fi yarda da ita, domin ba ta buƙatar jin Faransanci, lissafi kawai.

Layi na uku ya ƙarasa. Lambar shaidar ciniki ta Orange Money takan ɗauki rana da lokaci a cikinta: bayan haruffa biyun farko sai shekara, wata, rana, sannan awa da minti. Ta wannan misalin tana cewa 12 ga Maris 2024, ƙarfe 2:05 na rana, alhali a Yuni aka yi cinikin. Tsohon saƙo aka ɗauko aka sauya adadi, aka manta da lambar.

Sai a dubi saman hoton. Saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, kuma yana shiga ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin kamfanin. Idan ya buɗe sabon zare shi kaɗai, wakilinku ya taɓa sunan da ke sama. In lambar waya mai alƙaluma goma ta bayyana, mutum ne ya rubuto. Tun 2021 lambobin ƙasar suka koma goma, na Orange suna farawa da 07, na MTN da 05, na Moov da 01. Amma ko sunan kamfani ya fito daidai, kada a saki jiki, domin akwai masu iya aron sunan.

Akwai abu biyu da ke sa a zargi mai gaskiya a banza. Na farko agogo: Najeriya da Nijar suna gaban Abijan da awa ɗaya, don haka kuɗin da aka tura ƙarfe uku na rana a wurinku za su nuna 14h00 a hoton. Na biyu rashin alamomin kan haruffa, kamar recu a maimakon reçu. Saƙonnin tes na gaskiya ma sukan zo haka.

Idan hoton na Wave ne, ku gwada cajin. An san Wave da kashi ɗaya cikin ɗari a kan tura kuɗi a cikin ƙasa, wato wajen 1,500 a kan dubu 150. Masu gyara hoto sukan ƙara wa adadi sifiri su bar cajin yadda yake, sai ku ga frais 150 a ƙarƙashin 150 000. Ku kuma faɗaɗa hoton ku dubi adadin da kyau: in alƙalumansa sun fi na kusa da su kauri, ko sun ɗan kauce wa layi, an taɓa shi.

Duk waɗannan alamu ƙarya suke kamawa, ba sa tabbatar da gaskiya, domin hoto mara aibi ma yana iya zama na jabu. Tabbaci ɗaya ne, wakilinku ya duba asusunsa da hannunsa: #144# a Orange, *133# a MTN, *155# a Moov, ko ya buɗe manhajar Wave ya ga cinikin a jerin shige da fice. Kada kaya su hau mota sai ya kira ku da muryarsa ya faɗi sabon ragowar.

Ku ja masa kunne kan abin da kan biyo bayan saƙon jabu. Wani zai kira yana marairaicewa, ya ce ya yi kuskuren lamba, a mayar masa da kuɗinsa, alhali ko sisi bai shiga ba. Wanda ya yi kuskuren gaske kamfani ake tura shi. Wani kuma zai ce wa wakilin ya saka code secret, wato lambar sirri, don kuɗin su ƙarasa shiga. Karɓar kuɗi ba ta neman lambar sirri. Idan allo ya nemi ita, ya karanta layin da ke sama, mafi yawa zai tarar an rubuta retrait ko paiement, kuɗinsa ne ake shirin kwashewa.

A gaida mutanen gida.